Daga Rumfar Banu Sa'ida Zuwa Zaurukan Gudji: Yadda Saɓanin Kwana Ɗaya Ya Zama Hanya Biyu

Annabi Muhammadu (SAW) ya yi wafati ranar Litinin, cikin watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 11 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da watan Yuni na 632 Miladiyya. Tun ba a sa shi a makwancinsa ba, mutanen Madina suka fuskanci tambayar da ba su taɓa fuskanta ba: wa zai riƙe ragamar jama'a? Da yawa daga cikinmu a nan Gudji mun ji sunan Sunni da Shi'a ne ta rediyo da wayoyin hannu, ana ta jifan juna da baƙaƙen maganganu, har muka ɗauka a wannan rana ce aka raba Musulmi gida biyu. Littattafan tarihi ba haka suka nuna ba. A ranar babu Sunni babu Shi'a. Sai da aka shafe kusan shekara ɗari uku kafin hanyoyin biyu su ɗauki siffar da muka sani yau.

Taron farko ma ba Kuraishawa ne suka kira shi ba. Ansaru ne, wato 'yan asalin Madina, suka taru a wata rumfa ta dangin Banu Sa'ida, suka fito da Sa'ad ɗan Ubada, shugaban Hazraj, yana lulluɓe saboda rashin lafiya, da niyyar ɗora shi. Mu da muke zaune a garin da ba na kakanninmu ba, ya kamata mu fi kowa gane abin da ke ransu, ko da yake su ne masu masauki, mu kuwa baƙi. Su ne suka buɗe gidajensu, suka raba gonakin dabinonsu da Muhajirai, suka zubar da jininsu a Badar da Uhudu. Makka kuma ba ta daɗe da miƙa wuya ba, shekara biyu da 'yan watanni ke nan, manyan Kuraishawan da suka yaƙe su jiya sun shigo Musulunci da dukiyarsu da martabarsu. Tsoron Ansaru shi ne kada a wayi gari a mayar da su 'yan kallo a garinsu.

Da labari ya kai wa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar, sai suka nufi rumfar, Abu Ubaida ɗan Jarrahu ya rufa musu baya. Muhajirai uku ke nan a tsakiyar taron Ansaru. Abubakar bai musa falalar Ansaru ba. Hujjar da ya kafa ita ce Larabawan sahara ba za su miƙa wuya ga kowa ba sai Bakuraishe, saboda matsayin Kuraishu da na Ka'aba a idonsu. Sai ya kama hannun Umar da na Abu Ubaida, ya ce a zaɓi ɗaya. Hubabu ɗan Munziru ya miƙe ya kawo shawarar a yi shugaba biyu, ɗaya daga Ansaru ɗaya daga Muhajirai. Murya ta ɗaga, hayaniya ta kaure. A cikin wannan ruɗani ne Umar ya ce wa Abubakar ya miƙo hannu, ya yi masa mubaya'a, jama'a suka biyo baya.

Akwai abin da masu ba da labarin a gurguje suke tsallakewa, alhali shi ya yanke hukuncin ranar. Ansaru ba tsintsiya ɗaya ba ne. Ƙabilu biyu ne, Ausu da Hazraj, waɗanda suka gwabza ƙazamin yaƙi a Bu'asu 'yan shekaru kaɗan kafin Hijira, kuma waɗanda suka rasa iyayensu a wannan yaƙi suna zaune a rumfar. Masu tarihi sun ruwaito cewa mutanen Ausu, ƙarƙashin Usaidu ɗan Hudairu, sun gwammace Bakuraishe da a ɗora musu ɗan Hazraj, kuma ko cikin Hazraj ɗin Bashiru ɗan Sa'ad ya riga kowa miƙa hannu. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Shi kuwa Sa'ad ɗan Ubada bai yi mubaya'a ba, daga baya ya ƙaura Sham, a can ya rasu a zamanin Umar. Wannan shi ne mutum na farko da ya ƙi amincewa da halifanci, kuma babu wanda ya kafa ƙungiya da sunansa.

To ina Sayyidina Aliyu? Yana cikin gida tare da Abbas baffan Annabi da 'ya'yansa, suna hidimar wanka da likkafani. Babu wani daga Banu Hashim da ya halarci rumfar, ba a kuma aika an kira su ba. Wannan ba ƙirƙirar 'yan Shi'a ba ce. Umar da kansa, a wata huɗuba da ya yi a ƙarshen rayuwarsa wadda Buhari ya kawo, ya siffanta mubaya'ar da kalmar Larabci "falta", wato abin da ya auku kwatsam ba da shiri ba, ya ce Allah ne ya kare jama'a daga sharrinta, ya kuma gargaɗi mutane kada wani ya sake yin irinta ba tare da shawarar Musulmi ba. Duk wanda ya ce mana a ranar komai ya tafi sumul, ya faɗi abin da Umar bai faɗa ba. Wanda kuma ya ce makirci ne da aka daɗe ana ƙullawa, sai ya gaya mana dalilin da ya sa Ansaru ne suka kira taron, Muhajirai kuwa uku kacal suka je.

Tushen gardamar da ta biyo baya tambaya ɗaya ce: shin Annabi (SAW) ya ayyana magaji ko bai ayyana ba? Kowane ɓangare yana da abin da ya riƙe, kuma abin mamaki, yawancin aukuwar ba a musunta su, fassararsu ce ake ja a kai.

Wajen wata uku kafin wafati, a kan hanyar dawowa daga Hajjin Bankwana, ranar 18 ga Zulhajji, Annabi ya tsayar da ayari a wani tafki da ake kira Gadir Hum, kusa da Juhufa. Ya kama hannun Aliyu, ya shelanta shi a matsayin "maula" ga duk wanda ya riƙi Annabi maulansa. Wannan ruwaya tana cikin Musnadin Ahmad ɗan Hambali da littafin Tirmizi, wato littattafanmu ne. Matsalar tana cikin kalmar. A Larabci maula tana ɗaukar ma'anar shugaba da majiɓinci, tana kuma ɗaukar ma'anar masoyi da mataimaki, har bawan da aka 'yanta da wanda ya 'yanta shi kowannensu maula ne. 'Yan Shi'a suka ce ba a tsayar da dubban mutane cikin zafin rana don kawai a ce musu su so wani, saboda haka naɗi ne. Malaman Sunna suka ce a duba abin da ya gabata: Aliyu ya dawo daga Yaman, wasu daga cikin rundunarsa suna ƙorafin tsananinsa game da ganima, sai Annabi ya wanke shi a bainar jama'a. Suka ƙara da cewa da naɗi ne, da wani ya tuna da shi a rumfar Banu Sa'ida, musamman Ansaru da suka fita ba su samu komai ba.

A ɗaya gefen kuma akwai limanci. Da ciwo ya tsananta, Annabi ya yi umarni Abubakar ya ja mutane salla. Malaman Sunna suna ganin wannan ishara ce: wanda aka yarje masa ya shige gaba a salla, shi ya fi cancanta ya shige gaba a sha'anin duniya. Sai dai mafi yawansu ba su kira ta naɗi ƙarara ba, sun ce an bar wa al'umma ta zaɓa. Sai kuma abin da ya faru ranar Alhamis, kwana huɗu kafin wafati, lokacin da Annabi ya nemi a kawo abin rubutu, waɗanda ke ɗakin suka yi saɓani ko a kawo ko a bar shi ya huta, har ya ce su tashi. Ba a rubuta komai ba. Kowane ɓangare ya cike wannan farar takarda da abin da yake zato.

Abin da ya fi sosa zuciya shi ne na Nana Faɗima. Ta nemi gadonta daga abin da mahaifinta ya bari, ciki har da gonakin Fadak. Abubakar ya ce ya ji daga Annabi cewa ba a gādon annabawa, abin da suka bari sadaka ne, amma zai ci gaba da ciyar da iyalan gidan daga ciki. Ruwayar Nana A'isha da ke cikin Buhari ta ce Faɗima ta yi fushi, ba ta sake yi masa magana ba har ta rasu bayan wata shida, Aliyu ya binne ta da dare, kuma sai bayan rasuwarta ne ya yi mubaya'a. Akwai wasu ruwayoyin da suka ce ya yi tun da wuri. Littattafan Shi'a sun zarce nan, sun ce an auka wa gidanta har ta ji rauni, malaman Sunna kuwa sun yi watsi da wannan. Abin da babu ja a kansa shi ne Aliyu bai zare takobi ba. Ya zauna a Madina shekara ashirin da huɗu ƙarƙashin halifofi uku, ana neman shawararsa a hukunci, ya kuma sa wa wasu 'ya'yansa suna Abubakar da Umar da Usman.

Rikicin gado shi kaɗai ba ya haifar da aƙida, kuma muna da shaida a tarihinmu na kusa. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, ƙanensa Abdullahi ya taso zuwa Sakkwato ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Zuciya ta ɓaci na 'yan shekaru, har suka haɗu a yaƙin Kalambaina suka daidaita. Ba muna kwatanta darajar kowa da ta Sahabbai ba ne. Abin lura dai shi ne yau babu mai salla daban don yana ganin Abdullahi ya fi cancanta. Kafin saɓani ya zama mazhaba, sai jini ya shiga, sai kuma malamai sun zo sun ba jinin ma'ana.

Jinin ya fara ne da kisan Sayyidina Usman a gidansa a 656. Kafin nan an gwada hanya uku ta naɗa shugaba cikin shekara goma sha biyu: mubaya'ar rumfa, da wasiyyar da Abubakar ya yi wa Umar a 634, da kwamitin mutum shida da Umar ya kafa a 644 yana kan gadon mutuwa. Babu wadda ta zama ƙa'ida tabbatacciya. Da aka yi wa Aliyu mubaya'a, gari na hannun 'yan tawaye, sai aka shiga yaƙin Raƙumi kusa da Basara, sannan Siffin a 657 tsakaninsa da Mu'awiya gwamnan Sham. A wannan zamani ne kalmar "shi'a" ta fara yawo, ma'anarta kuwa magoya baya kawai. Ana cewa shi'ar Aliyu, ana cewa shi'ar Mu'awiya. Wanda ya kashe Aliyu a masallacin Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40 (661) ba ma ɗan Sham ba ne, Ibn Muljam ne, daga Hawarijawa, waɗanda dā mutanensa ne suka ɓalle. Bayan wata shida ɗansa Hasan ya sauka ya bar wa Mu'awiya don a huta da zubar da jini, aka kira shekarar shekarar jama'a. Kalmar "jama'a" da ke cikin sunan Ahlus Sunna wal Jama'a tana ɗauke da wannan ruhi na gwammace haɗin kai da fitina.

Sai Karbala. Mu'awiya ya karɓar wa ɗansa Yazidu mubaya'a tun yana raye, abin da ya mayar da halifanci sarautar gado. Husaini ya ƙi. Mutanen Kufa suka yi ta aiko masa da wasiƙu, ya tura ɗan baffansa Muslim ɗan Aƙilu, dubbai suka yi masa mubaya'a, amma da sabon gwamna Ubaidullahi ɗan Ziyadu ya iso da barazana da kuɗi, sai suka watse suka bar Muslim shi kaɗai aka kashe shi. Aka tare Husaini a bakin Furatu, aka hana shi ruwa, ranar 10 ga Muharram shekara ta 61 (Oktoba 680) aka kashe shi tare da mutanensa saba'in da 'yan kai, aka tasa matan gidan Annabi zuwa Dimashƙa. A ganinmu, nan ne al'amarin ya sauya kama. Mutanen Kufa da suka kira shi suka yasar da shi sun kasa yafe wa kansu. A 685 wasu dubbai daga cikinsu, waɗanda ake kira masu tuba, suka fita ƙarƙashin Sulaimanu ɗan Suradu, suka fara biyawa ta kabarin Husaini suka yi kuka, sannan suka tunkari rundunar Sham a Ainul Warda suna sane da cewa ba za su yi nasara ba. Wanda ya fita neman mulki ba haka yake fita ba. Makokin Ashura na yau daga wannan nadama ya tsiro.

Duk da haka aƙida ba ta gama ƙulluwa ba. A 740 Zaidu, jikan Husaini, ya yi yunƙuri a Kufa, wasu magoya bayansa suka nemi ya barranta daga Abubakar da Umar, ya ƙi, suka janye masa. Mabiyansa su ne Zaidiyya na Yaman. A wurin mabiya Ja'afar Sadiƙu, wanda ya rasu a 765, ne koyarwar imamanci ta zauna da gindinta: cewa imami ba jama'a ke zaɓensa ba, wanda ya gabace shi ne ke ayyana shi da umarnin Allah, yana da ilimi na musamman, kuma imami ne ko yana kan mulki ko yana zaune a gidansa. Imamai goma sha biyu kuwa ba a rufe lissafinsu ba sai bayan 874, lokacin da mabiyan suka ce na ƙarshe ya faku. Ɓangaren Sunna ma bai zo a shirye ba. An daɗe ana aibata Aliyu a kan mumbarin Banu Umayya kafin Umar ɗan Abdul'aziz ya hana, kuma jerin halifofi huɗu shiryayyu da yaranmu ke haddacewa a makarantar allo bai zama abin da kowa ya yarda da shi ba sai wajen zamanin Ahmad ɗan Hambali, wanda ya rasu a 855. Bambancin gaskiya, ke nan, ya wuce wane ya fi wane. Tambayar ita ce bayan Annabi ina ikon fassara addini ya koma: ga wani zaɓaɓɓe daga gidansa, ko ga al'umma da malamanta masu riƙe da abin da Sahabbai suka ruwaito?

Mu kuma ta wace ƙofa labarin ya iso mana? Ta ƙofar Imamu Malik, kuma shi kansa bai tsira daga wannan guguwa ba. Ya ruwaito hadisai daga Ja'afar Sadiƙu a cikin Muwaɗɗa. A 762, da Muhammadu Nafsuz Zakiyya, tattaɓa-kunnen Hasan, ya yi wa Abbasiyawa tawaye a Madina, an jingina wa Malik fatawar cewa rantsuwar wanda aka tilasta ba ta ɗaure shi, mutane suka fahimci cewa mubaya'ar da aka yi wa halifa Mansur da tilas ba ta hau kansu ba. Gwamnan Madina ya sa aka yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce. Ɗan'uwan Nafsuz Zakiyya, Idrisu, ya tsira daga wani tawayen a Fahhu a 786, ya gudu Maroko, zuriyarsa suka raya birnin Fas. A wannan birni ne kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, wanda ɗariƙarsa ta cika zaurukan Njamena.

Shirun da malamanmu ke yi idan aka tambaye su yaƙin Siffin shi ma yana da tarihi. Risala ta Ibn Abi Zaidin, wadda duk ɗalibin zaure ke bi ta kanta bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, an rubuta ta ne a Ƙairawan ta ƙasar Tunusiya. Marubucin, wanda ya rasu a 996, ya girma ne ƙarƙashin mulkin Faɗimiyawa, daular Shi'a Isma'iliyya da ta kafu a 909, wadda malaman Malikiyya na garin suka ɗanɗana kuɗa a hannunta, har wasunsu suka shiga tawayen Abu Yazid suka mutu a ciki. Shi ya sa a babin aƙida ya jera halifofi huɗu bisa darajarsu, ya kuma hori ɗalibi da ya ambaci Sahabbai da alheri, ya kame baki daga abin da ya gudana tsakaninsu. Wannan hori katanga ce da aka gina a lokacin da ake bukatarta. Ayarin fatake da alhazai suka kai littafin Tumbutu da Katsina da Kano da Barno, kakanninmu kuma suka sauke shi a bakin Shari tun garin nan ana kiransa Fort-Lamy, a kan hanyarsu ta zuwa Makka da ƙafa. Mun gāji katangar, amma da yawanmu ba mu san abin da aka gina ta dominsa ba.

Shi ya sa mutanenmu suka rayu ƙarnuka ba su ga wani cin karo tsakanin son Sahabbai da son gidan Annabi ba. A gida ɗaya a Gudji za ka tarar da Garba da Sanda da Shehu da Ali, maƙwabtanmu Larabawa suna kiran nasu Abakar da Faɗime. In aka haifi tagwaye, ba a ma shawara: Hasan da Husaini ne, ko Hasana da Usaina. Sharifi kuwa ana girmama shi don jinin da yake jingina kansa da shi. Ashura a wurinmu ranar azumi ce, bisa hadisin tsirar Annabi Musa daga Fir'auna, wanda ya riga Karbala da kusan shekara sittin, da dare kuma a yi cika-ciki. Shi'anci a matsayin ƙungiya sabon baƙo ne a ƙasar Hausa. Ya shigo ne bayan juyin juya halin Iran na 1979, ta hannun ɗaliban jami'a da suka taru a bayan Malam Ibrahim Zakzaki a Zariya, kuma a shekarun farko maganarsu ta fi karkata ga siyasa, sai daga baya aƙidar ta fito fili. A watan Disamba na 2015 sojoji suka kashe ɗaruruwan mabiyansa a Zariya, kwamitin binciken da gwamnatin jihar Kaduna ta kafa ya tabbatar da mutum fiye da 340 da aka binne a rami ɗaya. Ita kanta Iran ɗin, mafi yawan mutanenta Sunni ne har zuwa 1501, lokacin da Shah Isma'il ya kafa daular Safawiyya ya mayar da Shi'anci addinin hukuma.